Inda Idon Malam Tambari Ke Faɗawa

Malam Tambari Banga ya rasu a daminar shekarar 2006, aka yi masa sutura a garinsu, gero ya fara fitar da kai. Yawancin waɗanda suka zo gaisuwa daga Ƙaura da Shinkafi ba su ambaci sunansa ba, sai dai su ce, "Allah ya jiƙan Malam mai alluna." Da yawansu sun san ya bar aji kafin lokacin ritayarsa, amma kaɗan ne suka san dalili. Ni ina cikin ajin ranar da abin ya faru, don haka na ga ya kamata in rubuta shi yadda yake.

Ni ne hedimastansa na farko, a wata firamare a Zurmi, a shekarar 1974. Ya zo mini yana saurayi siriri, da keke da akwatin kwano, da murya wadda ta fi jikinsa girma. A makonsa na biyu na tsaya bakin taga ina saurarensa. Ya yi bayani mai kyau ƙwarai tun daga farkon darasi har ƙarshensa bai tsaya ba, sa'an nan ya ce, "Kun gane?" Yara suka amsa da murya ɗaya cewa sun gane. Da yamma ya shigo ofishina da littattafansu a hannu, ransa a ɓace.

"Maigida, ɗiyan nan ƙarya suka yi mini."

Na ce, "Ba ƙarya suka yi ba, ladabi suka yi. Wane yaro ne a Zurmi zai dubi babba ya ce bayaninsa bai shiga ba?"

Ni a makarantar mishan na yi karatu a Gusau, inda kowane yaro ke rataye da allon dutse da ɗan tsumman gogewa. Akwai ragowar irin allunan nan a wani akwati a sitonmu, wasu sun tsage. Na ba shi su don kawai ya rage ɓarnar takarda, domin a zamaninmu amfaninsu ke nan. Abin da ya mai da su daga baya, nasa ne, ba ni na koya masa ba.

Darasin da ya fi so shi ne na lokutan aikatau a nahawun Hausa, wato yadda ake bambance abin da ya shuɗe, da wanda ke ci, da wanda zai zo, da wanda aka saba yi. Yakan ce darasi ne mai hawa-hawa, in tubalin ƙasa bai bushe ba aka ɗora wani, ginin duka zai zube. Saboda haka tun yana shirya darasi a gida yake yanke shawarar wuraren da zai tsaya. Yana shiga aji, kafin ya koyar da komai, sai ya ba da jimla ɗaya daga darasin jiya, ya ga abin da ya kwana a kawunansu. Tsayawar da ya fi ba muhimmanci kuwa ita ce ta tsakiya, daidai lokacin da ya gama bayanin lokaci ɗaya, kafin ya taɓa na gaba. A nan ba ya ba da jimla mai sauƙi. Yakan zaɓo wadda za ta kama yaron da ya haddace ba tare da ya fahimta ba. Ya lura yara kan nemi kalmar "jiya" ko "gobe" su yanke hukunci da ita, ba sa duban ɗan lafazin da ke gaban aikatau. Sai ya ce, "Jiya war haka Ado yana ban ruwa. Wane lokaci ne?" Wanda ya bi "jiya" zai rubuta shuɗaɗɗe, wanda ya dubi "yana" zai rubuta mai ci.

Dokarsa kaɗan ce. Kowa ya rubuta, ya kifa allonsa a ƙirji, ba mai ɗagawa sai ya ce a ɗaga, a kuma ɗaga tare, don kada na baya ya kwafi na gaba. Daga nan ya share ajin da ido sau ɗaya, daga bango zuwa bango. In mafi yawa sun kuskure, ba ya matsawa, sai ya koma da sabon misali. In uku ne ko huɗu, ya ci gaba, ya riƙe su a ransa ya same su lokacin aikin littafi. Bai taɓa dukan yaro a kan allon da ya kuskure ba. Ya ce ranar da ka yi haka, gobe allon zai fara ɓoye maka gaskiya. Abin da ya ƙi jini shi ne a bar tambaya sai dab da buga ƙararrawa. Na ji shi yana gaya wa wani sabon malami cewa wanda ya yi haka, ya gano ciwon ne bayan an sallami mara lafiya.

Ya ƙaro karatu, aka mai da shi ƙaramar sakandare a Shinkafi. A can allunan dutse suka ƙare, ya sa kafinta ya yanko masa na falanki, yana baƙanta su da kansa da garin tsohon batir da ƙaro. Abokan aikinsa suka sa masa suna Alaramma, suna tambayarsa yaushe ɗalibansa za su yi sauka. Shi kuma yakan ce in sun tashi saukar zai aiko musu da waina. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka yi ta sauye-sauyen malamai, sai ya faɗo Ƙaura Namoda, inda na riga na zauna bayan na yi ritaya. Muka koma haɗuwa kusan kowace Juma'a.

A shekarar 2000, bayan an ƙaddamar da Shari'a, aka raba maza da mata a makarantarsu. 'Yan matan suka tafi wani gini da rabin malamai, aka kawo maza daga wata makarantar aka haɗa da nasu. Ɗakuna suka yi kaɗan, sai aka ba Tambari wani tsohon siton gyaɗa da ke jikin makarantar, ta wajen layin dogo. Ɗaki ne mai faɗi da zurfi, tagoginsa ƙanana can kusa da rufi, haske yana sauka a tsakiya, gefen bango kuwa duhu-duhu ko da rana tsaka. Yaran sun ninka waɗanda ya saba da su, kuma fiye da rabinsu bai san fuskokinsu ba.

A ƙarshen zango na biyu ya aiko in zo gidansa. Matarsa Indo ta kawo mana fura, ta ajiye masa tasa a gefen damansa, kusa da gwiwarsa. Muka daɗe muna magana, sai ya ɗaga murya ya ce, "Indo, ni ba a ba ni furar?" Ta fito ta matso da kwanon gabansa.

Ya ce, "Maigida, allunan nan sun ci amanata. Duk tsayawar da na yi zangon ga, daidai nike gani. Na yi jarrabawa, rabin aji ba su san mai ci daga shuɗaɗɗe ba. Ko dai na tsufa ban san wurin tsayawa ba, ko kuwa tambayoyina sun yi sanyi. Ina son ka zo ka zauna, ka duba mini."

"Tsohon hedimastan firamare zai duba malamin sakandare?"

"Kai ka ɗauke ni aiki. In kayan sun lalace, ai wurinka za a maido."

Da na fito, Indo ta biyo ni zaure da mayafinta. Ta ce, "Baba, ba tambayoyin ba ne. Mun je asibitin ido a Kano da hutun bara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe saura. Gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Ya hana ni faɗi. Ya ce in aka ji a ofis, za a karɓe masa aji."

Na ce, "Shi ya yarda idon ne ke hana shi?"

"Ya ce tun da yana ganin allo, to yana gani."

Da aka dawo daga hutu na tafi makarantar. Ya sa aka ajiye mini kujera kusa da babban allo, ina fuskantar yara kamar yadda yake fuskantarsu, domin daga baya ba a ganin abin da aka ɗaga. Kafin mu shiga ya ce mini, in na ga abin da bai dace ba in yi gyaran murya. Na lura ya riga ya yi wa kansa dabara. Ya daina sa su rubuta kalma. Ya rubuta a babban allo cewa ɗaya shi ne shuɗaɗɗe, biyu mai ci, uku mai zuwa, kowa lamba ɗaya zai zana, babba, ta cika allonsa.

Tsayawar farko ta wuce lafiya, jimlar mai sauƙi ce, kusan kowa ya samu. Ya shiga bayanin lokaci mai ci. Ban taɓa jin ya koyar da kyau kamar ranar ba. Misalansa duka daga kasuwar hatsi da tashar 'yan acaɓa ya ɗebo su, har ya kwaikwayi dillali yana rantsuwa, yara suna dariya. Ya gama, bai taɓa lokaci mai zuwa ba, ya tsaya daidai inda ya kamata ya tsaya. Ya ba su jimlar Ado da ban ruwa. Aka ji ƙarar alli, aka kifa alluna a ƙirji.

"A ɗaga."

Layukan tsakiya, tun daga gaba har inda haske ya ƙare, duka lamba biyu suka ɗaga, manya, farare tas. Na dubi gefen dama da na hagu. Ɗaya ne ya fi yawa. Akwai masu uku. A jikin bango akwai yaran da ba su rubuta komai ba, sun dai ɗaga baƙin allo sama da kawunansu. Tambari ya juya kansa dama, ya juya hagu, ya dawo tsakiya ya tsaya a nan, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Madalla. To mu je ga mai zuwa." Ya juya ya ɗora alli a kan babban allo.

Na yi gyaran murya.

Hannunsa ya tsaya. Bai waiwayo ni ba. Ya ce, "Kada kowa ya sauke." Ya ajiye allin, ya bi ta gefen hagu yana dafa bencina, har ya kai bango. Ya karɓi allon yaro na farko ya kawo shi daidai fuskarsa, ya mayar. Ya karɓi na biyu, da na uku. Na huɗu ya daɗe yana juya shi, yana neman rubutun, sa'an nan ya shafa da tafin hannu ya ji ba alli. Hannuwan yara suka gaji, amma ba wanda ya sauke.

Ya ce da mai allon, "Wane ne wannan?"

"Mahmud ne, Malam."

"Mahmud na Kasuwar Daji? Ba gabana na zaunar da kai ba farkon shekara, don na san sai an bi ka a hankali? Wa ya kawo ka nan?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Sai Anwar, wanda shi ne monita, ya miƙe daga tsakiya, allonsa na hannunsa.

"Malam, mu muka shirya."

"Kuka shirya mi?"

"Mun lura in kana duba alluna, tsakiya kake gani. Kuma mun ji ana cewa in shugaban makaranta ya gane, za a kawo wani. Shi ne muka ce duk mai ganewa ya dawo tsakiya, sauran su koma gefe. In shugaba ya leƙo, zai ji kana cewa madalla." Ya ƙara da cewa, "Mun ga kamar rufin asiri ne, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun zangon farko."

Tambari ya tsaya riƙe da baƙin allon Mahmud. Ya ce, "Kai kuma ka yarda aka kai ka bango?"

Mahmud ya ce, "Ni na fara komawa, Malam. Kullum allona ne ke ɓata maka rai."

Na yi shekaru masu yawa a aji, na ga malamai suna fushi iri-iri, na kuma zaci zai yi. Sai kawai ya ce su sauke, su huta da hannuwansu. Ya sa na gefe duka suka taso suka zauna a ƙasa gabansa inda haske yake, na tsakiya suka koma bango. Ya goge kan darasin da ya fara rubutawa. Ya sake bayanin lokaci mai ci tun daga tushe, da wasu misalan, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ba da wata jimlar, suka ɗaga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa. Kafin ya kai rabinsu aka buga ƙararrawa.

Muka zauna a ƙarƙashin dogon yaro a bakin makaranta. Na gaya masa Indo ta faɗa mini. Na ce wurin tsayawarsa daidai ne, tambayarsa ma daidai ce, ko ni aka ba ni ba zan gyara komai ba. Sa'an nan na ce, "Ni ba aikin da nake yi. Sai in riƙa zuwa ina zama a kujerar nan, in sun ɗaga in gaya maka nawa suka samu."

Ya yi ɗan murmushi. "Maigida, kai da gwiwarka ke ƙara kamar ƙofar sito? Kuma ba ƙirga nike nema ba. Ina duban wanda ya ɗaga a makare, da wanda ya goge ya sake, da wanda idonsa ke kan allon maƙwabcinsa. Kafin ka gama gaya mini, sun sauke." Sa'an nan ya ce, "Zango biyu ɗiyan mutane na zaune a bango suna ɗaga mini allo, ni ina cewa madalla. Iyayensu sun sai da hatsi sun turo su."

Na ce a nemi a sauya masa ɗaki mai haske. Ya ce zai tambaya. Ya tambaya kuwa, aka ce babu, kuma gaskiya ne babu. Ya gwada raba ajin gida-gida, kowane rukuni ya zo gabansa ya ɗaga, sai tsayawa ɗaya ta cinye rabin darasi, waɗanda suka jira kuma sun riga sun ga amsar na farko. Ya gwada karɓar allunan a ƙarshe ya duba a ofis, ya yi haka kwana biyu ya bari, ya ce wannan ba shi da bambanci da makin littafi. Bayan nan ya tafi wurin shugaban makaranta da ƙafarsa ya faɗi halin da idonsa ke ciki. Shugaban mutumin kirki ne, ya roƙe shi ya ci gaba ko da bayani kawai zai riƙa yi, tun da malaman Hausa sun yi ƙaranci. Tambari ya ce bayani kowa ma zai iya, a ba mai ido. Aka ba wani saurayi, Malam Zayyanu, ajin, shi kuma aka mai da shi kula da ɗakin littattafai har takardunsa na barin aiki suka fito.

Yaran suka zo gidansa da la'asar, sun cika zaure har waje. Anwar ya durƙusa ya ce su suka jawo, a yafe musu, za su koma wuraren zamansu na da, ya dawo.

Tambari ya ce, "Tashi. Ba ku kuka kashe mini ido ba. Abin da kuka yi, don kuna sona kuka yi, na sani. Amma kada ku ƙara yi wa wani malami haka. In ba ku gane ba, ku ɗaga masa kuskuren inda zai gani."

Ya ce waɗanda suka zauna a bango su riƙa zuwa zaurensa bayan la'asar, biyar-biyar, ya biya su abin da ya wuce su. Haka aka yi. Nakan je in zauna a gefe. Yana shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, su zauna kusa da shi har gwiwoyinsu na taɓa nasa. Bai sauya komai ba. Ya yi bayani, ya tsaya, ya ba da jimla, su kifa a ƙirji, ya ce a ɗaga. Suka gama mai ci, suka gama mai zuwa, Mahmud ma ya kama su sosai. Suka shiga lokaci na sabo, wato na abin da aka saba yi, wajen ƙarshen shekara.

Wata la'asar ya ce a ɗaga, suka ɗaga. Ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya sake matsowa. Ya ce Mahmud ya ƙara wa lambar kauri. Yaron ya bi ta da alli har allin ya karye. Tambari ya karɓi allon ya fita da shi tsakar rana, ya daɗe a tsaye yana karkata shi. Da ya dawo ya miƙa wa yaron, ya ce yau a tashi haka nan, kansa na ciwo.

Washegari suka zo, suka yi sallama a zaure. Indo ce ta fito. Ta ce Malam ya gode, ya sa musu albarka, ya ce abin da ya rage su tambayi Malam Zayyanu. Ta miƙo musu buhun allunan ta ce su kai makaranta. Suka tsaya suna duban juna, Mahmud ya tambaya ko su dawo gobe. Ta waiwaya cikin gida ta saurara, ba a ce komai ba, ta ce musu a'a.

Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa ya koma Banga. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.